Wayar wutar da ta ƙare min a tsakiyar aiki

Yanzu da na bar wajen oga zan iya faɗin abin da ya daɗe yana ci min rai. Ƙiyasin wayarin na farko da aka ba ni in yi ni kaɗai na wani sabon gida ne mai ɗaki huɗu, na zauna da zanen gidan na ƙirga soket 40, na auna tazara daga akwatin rarraba wuta na zagaye ɗakuna na samu mita 120. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ake sa wa soket, guda uku ke bin fayif ɗaya wato mai wuta da nutural da ta ƙasa, kowacce da kalarta, kuma naɗi ɗaya mita 100 ne. Sai na rubuta naɗi biyu-biyu, shida kenan, har ina ganin na bar rara.

Ashe zane daga sama yake nuna gida, tsayin bango ba ya fitowa a ciki. Wayarmu ta saman silin take bi, silin ɗin mita 3 ne daga ƙasa, soket kuma wajen rabin mita, kenan sai waya ta sauko mita 2.5 ta shiga soket sannan ta sake hawa mita 2.5 kafin ta wuce na gaba. Mita 5 sau 40, mita 200 da ban lissafa ba sam. Kowace kala mita 320 take ci, naɗi huɗu-huɗu, sha biyu kenan, kuma ba ka isa ka cike gurbin wata kala da ragowar wata ba don kana iya kashe wanda zai zo gyara gobe.

Muna ɗaki na biyu waya ta ƙare. Mai gida ya riga ya biya, da aka ce ya ƙaro sai ya ɗauka cutarsa za a yi. Wallahi oga ya sa hannu a takardar nan ba tare da ya karanta ba, amma a gaban mutumin ya juyo ya ce min "kai yaro, wa ya koya maka lissafi?" kuma daga kuɗina ya cire. Kuskurena ne na yarda, to amma da ya kalli takardar minti biyu zai ga naɗi shida ba ya yin soket 40.

Tun daga nan ba na ba da ƙiyasi sai na shiga gidan da tef na auna bango, sannan in ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda lanƙwasa da jelar wayar da ake bari a kowane akwati. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa layinsu daban nake ƙirgawa, da waya mai kauri da birekarsu. Fayif da akwatunan bango da suwic ɗaki-ɗaki nake rubuta su. Kuɗin aiki kuwa da yawan wuraren da za a sa wuta nake yanka shi, in an riga an yi filasta fasa bango kuɗinsa daban. Gida shida na yi bayan wancan, ba wanda na koma wajen mai shi neman ƙarin waya.