Gyaɗa Tana Jira, Kunun Aya Ba Ya Jira: Shawara Ga Ƙannena Masu Neman Sana'a a Ɗaki

Macen da take da goyo, kuma fitarta daga gida ba ta da yawa, bai kamata ta fara da tambayar wace sana'a ce ta fi riba ba. Abin da ya kamata ta fara dubawa shi ne ko kayan za su iya jiranta idan yaro ya tashi da zazzaɓi, kuma ko za su iya jiran mai saye idan bai zo yau ba. Ni ban yi wannan tambayar ba lokacin da na fara, domin na ga maƙwabciyata tana ciniki da kunun aya sai na bi sahunta, ban lura cewa ita tana da firji da janareta da manyan 'ya'ya ba. Kunun aya yana yin tsami cikin yini guda idan babu sanyi, saboda haka duk ranar da aka ɗauke wuta, ko hadari ya haɗo mutane suka daina neman abu mai sanyi, jarina ne nake zubarwa. Da na koma ga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne na samu sana'ar da ta zauna da reno lafiya, kuma a kanta nake so in yi muku bayani.

Alherin gyaɗa shi ne aikinta yana rabuwa gida-gida. Za ki iya tsince ta yau kina zaune yaro yana wasa kusa da ke, ki soya gobe, ki murje ki fece ɓawon jibi, ba abin da zai same ta muddin tana wuri busasshe. Fita ɗaya kawai aikin yake bukata, wato kai ta injin markaɗe, wannan kuwa aike ne da ƙanen miji ko wani babban yaro zai yi. Tsintar nan kada ki raina ta. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko ta yi fumfuna, ki cire ta ki zubar, domin irin wannan gyaɗar tana ɗauke da gubar da ake kira afalatokzin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Na taɓa sayen gyaɗa mai araha a tsakiyar damina, na bar ta da ɗanshi a ƙasan ɗaki, sai da na zubar da kaso mai yawa daga cikinta. Tun daga nan nake saye da kaka lokacin da sabuwa ta shigo farashi ya sauka, in shanya ta sosai, in ɗora buhun a kan katako nesa da bango.

Wajen suya, wuta matsakaiciya ake so, ana juyawa ba tsayawa har ɓawon ya riƙa fita da murza kaɗan kuma cikin ƙwayar ya yi ja-ja. Idan ba ta soyu ba, man zai yi ƙaranci kuma ya riƙa warin ɗanye, idan kuma ta ƙone, man zai yi duhu ƙulin ya yi ɗaci. Bayan an dawo da ita daga inji, sai ki zuba a turmi ko babban kwano ki riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan kina tuƙawa. A nan ne na fi yin asara da farko, domin gaggawar in gama kafin jariri ya farka ta sa nake kwara ruwan gaba ɗaya, sai markaɗen ya saki ya yi laushi, man ya ƙi rabuwa da shi. Alamar cewa kin yi daidai ita ce markaɗen zai fara yin tauri yana dunƙulewa, man kuma yana tasowa sama. Ki kwashe man, ki matse tunkuzar sosai, ki sa mata gishiri da yaji ko sukari gwargwadon abin da masu sayenki suke so, sannan ki mulmula ta sirara, domin ƙuli mai kauri yana soyuwa a waje ya bar ɗanshi a ciki, bayan ɗan lokaci ya yi laushi ya yi fumfuna. Shi ma man sai kin dafa shi har kumfa ta ɗauke, alamar ruwan cikinsa ya fita ke nan, ki tace, ki bar shi ya huce kafin ki zuba a busasshiyar kwalba. Haka ƙulin, kada a ɗaure shi a leda da zafinsa, domin zai yi gumi.

Mataki ɗaya ne ba na yarda a yi shi da yaro a kusa, wato suyar ƙuli a cikin mai. Ba a yin ta da goyo a baya, ba a yin ta mai rarrafe yana tsakar gida. Ki jira ya yi barci, ko ki miƙa shi ga wata babba a gidan, idan kuma babu hali ki rufe tunkuzar ki dakata har a samu.

Sai maganar lissafi, wadda ita ce ta fi cin mata. Farashi yana canzawa daga gari zuwa gari, saboda haka waɗannan alƙaluma misali ne kawai, ki sa na garinku a madadinsu. A ce kin sayi gyaɗa kwano 5 a kan naira 4,000 kowane kwano, wato 20,000. Markaɗe ya ci 1,000, itace 1,500, gishiri da yaji da leda da kwalabe 1,000, ɗan aike kuma 500, jimla 24,000. A ce bayan suya kin tashi da mai kwalba 5 kin sayar a kan 3,000 kowace, wato 15,000, ƙulin kuma ya kawo 13,000. Kin haɗa 28,000, ribarki 4,000 ke nan. Ki lura cewa man kaɗai bai mayar da uwar kuɗi ba, ribar tana cikin ƙulin, alhali shi ne muka fi yin kyauta da shi ba tare da tunani ba. Idan kika ɗauki kwalba ɗaya kika yi miyar gida, yara da baƙi kuma suka ci ƙulin naira 1,000, ribar ta ƙare gaba ɗaya, kin yi wahalar banza. Na daɗe ina yin haka ina mamakin yadda jarina yake raguwa duk da ana ciniki. Maganinsa shi ne duk abin da gida ya ɗauka a biya kuɗinsa daga kuɗin cefane, kuma ki yi wannan maganar da maigida cikin ladabi tun kafin ki fara. Ki ware uwar kuɗi a wuri dabam da zarar kin sayar, adashe kuma daga riba ake zuba shi.

Game da sayarwa, ban goyi bayan ɗora wa 'yan mata talla ba, saboda tana cin karatunsu kuma tana kai su wuraren da uwa ba ta gani. Masu saye kaɗan da suke ɗauka da yawa sun fi amfani ga wadda ba ta fita. Mai tsire yana bukatar garin ƙuli kullum domin yajinsa, masu sayar da kwaɗon zogale da rama suna nema, mai shagon unguwa kuma zai sari ƙulli-ƙulli a leda idan kika rage masa wani abu. Maigida ko ɗan'uwanki zai iya kai musu samfuri ya ƙulla maganar, daga nan sai su riƙa aikowa, kuɗi kuma su shigo ta asusunki na banki ko ta hannun wanda kika amince da shi. Mai shago zai nemi ki ba shi kaya sai ya sayar ya biya. Idan kin yarda, ki rubuta a littafi da kwanan wata, kada bashin da yake waje ya wuce ribar zagaye ɗaya, kuma kada ki ba shi sabon kaya sai ya kawo kuɗin na baya.