Harafi ɗaya da ya juya mini addu'a

Shekarata ta farko da fara koyon Larabci da gaske, ina da wani littafin rubutu da na tsaga kowane shafinsa gida biyu. Dama kalmar Larabci, hagu ma'anarta da Hausa. Kalma ashirin nake haddacewa kullum, in rufe gefe guda da tafin hannu in yi ta bi har ƙasa. In aka yi gwajin kalmomi ba na faɗuwa, don haka ban ga dalilin sake hanya ba.

Ranar da aka ba mu insha'i a kan godiya ga malamai ne asirin littafin ya tonu. Na so in ce na yi wa malamina addu'a. A shafina akwai "da'a", gabanta na rubuta "ya yi addu'a". Akwai kuma "ala", gabanta "a kan". Sai na haɗa su na rubuta "da'autu ala ustazi", na miƙa takarda hankali kwance. Da malam ya dawo da takardun sai ya riƙe tawa, ya kira ni gefe.

"Ɗana, me na yi maka?"

Na ce, "Allah ya gafarta malam, addu'a na yi maka."

Ya ɗora yatsa a kan "ala" ya ce, "Wannan ta mayar da ita mummunar addu'a. In alheri kake roƙa wa mutum, 'da'autu lahu' za ka ce. In ka ce 'da'autu alaihi', to sharri ka roƙa masa." Ya ƙara da cewa in aka kawo "ila" kuma, magana ta koma gayyata ko kira zuwa ga wani abu.

Abin ya tsaya mini a rai, domin babu kalma ko ɗaya da na haddace ba daidai ba. "Da'a" tana nufin addu'a, "ala" tana nufin a kan. Abin da ya ɓace shi ne abin da ke faruwa idan suka haɗu, kuma wannan ba shi da gurbi a shafin da aka tsaga biyu. Daga baya na ci karo da "ragiba", wadda ta fi ma tsanani: "ragiba fihi" ya yi sha'awar abu, "ragiba anhu" ya juya masa baya. Wanda ya rubuta "ragiba" ita kaɗai da ma'ana ɗaya ya riƙe rabi ne, kuma bai san akwai sauran rabin ba.

Da na waiwayi harshena sai na ga ai haka muke. A ce baƙo ya rubuta "ci" a littafinsa, ya fassara ta da sa abu a baki a haɗiye. Yaya zai yi da cin amana, da cin jarrabawa, da cin bashi, da cin mutunci, da ci gaba? Babu Bahaushen da ya koyi waɗannan ta hanyar haɗa ma'anar "ci" da ma'anar "amana". A dunƙule muka ji su, a dunƙule muke fito da su. Shi ya sa ba ma tsayawa tunani kafin mu faɗe su.

Wannan dunƙulewar ita ce ta fi ba ni mamaki da na gane ta. Mai haɗa jimla daga kalmomi ɗaiɗai yana yanke hukunci huɗu ko biyar a lokaci guda: wane aikatau, wane harafi irin "ala" ko "ila" ke biye da shi, namiji ne ko mace, tilo ko jam'i. Ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe abubuwa da yawa haka tana kuma sauraron abokin magana, shi ya sa ake in'ina. Wanda kuwa ya ajiye "kutubun jadidatun", wato sababbin littattafai, a matsayin abu guda, ya samu jam'in "kitab" a kyauta, ya kuma samu ƙa'idar nan ta cewa jam'in abin da ba mai hankali ba yana ɗaukar siffar mace tilo. Bakinsa zai saba da ita tun kafin a karantar da shi ita a nahawu.

Ta fuskar mantuwa ma akwai bambanci. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa a 1885. Ya haddace dogayen jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya ga cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a sa'o'in farko bayan hadda. Ya kuma lura cewa baitocin waƙa masu ma'ana suna zama da kusan kashi ɗaya cikin goma na maimaicin da gaɓoɓin ke ci. Kalmar baƙon harshe da ke tsaye ita kaɗai ta fi kusa da waɗancan gaɓoɓi. Ba ta da abin kamawa sai layin da take kai. Ni kaina na sha tuna cewa kalma tana ƙasan shafi ta wajen dama, amma ma'anarta ta tafi.

Sai na sake tsarin littafin. Na rage zuwa guntayen jimloli bakwai ko takwas a rana, kowacce kalma uku zuwa shida, kuma baƙuwar kalma ɗaya tak a ciki. Ba na ƙirƙiro jimlar da kaina, daga abin da na karanta ko na ji daga bakin malam nake ɗaukowa, domin jimlar da na ƙera da hannuna ita ce ta kai ni ga "da'autu ala". A bayan shafin nake rubuta ta da giɓi a wurin harafin: "da'autu ... ustazi, na roƙa masa alheri". In faɗe ta da murya, in waiwaye ta washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako.

Hanyar ba ta rasa nata tarko ba, kuma na faɗa ciki. Da farko dogayen jimloli nake kwasowa masu baƙin kalmomi uku ko huɗu, sai suka zama wani jerin daban, a kwance maimakon a tsaye. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Mutum yana iya rera jimla tiryan-tiryan alhali kalmar ta maƙale a cikinta, ba ta fita. Na gane haka ranar da na ga "yad'u lahu" a karatu na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa saninta ba, ga shi kuwa "da'a" ce a lokaci mai ci. Tun daga nan, duk jimlar da ta zauna sai na juya ta: in sauya mai aikin, in sauya lokaci, in kore ta. "Da'at lahu", ta yi masa addu'a. "Nad'u lakum", muna yi muku addu'a. In na kasa juyawa, na san amon na haddace, kalmar ba ta shiga ba tukuna.

Ban jefar da jeri gaba ɗaya ba. Sunayen abubuwan da ake gani a taɓa, kamar ƙofa da alƙalami da kujera, suna shiga da sauri ko a tsaye aka jera su, kuma mai farawa yana bukatar 'yan ɗaruruwa irinsu kafin jimla ta yi masa ma'ana. Amma aikatau da siffofi da ƙananan haruffan nan, ban ƙara rubuta ɗayansu shi kaɗai ba. A ƙarshen zangon na sake rubuta wa malam layin nan, wannan karon da "li", harafin da ke cikin "lahu". Ya karanta, ya ce amin, ya miƙo mini takardar.