Takardar da na rubuta kafin na gina wa mai sayar da atamfa shafi

Wata Hajiya mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ta ba ni aikin gina mata shafin intanet. Buƙatarta a baki gajeriya ce: mutane su ga kaya, su zaɓa, su biya. Na ce mata, "Hajiya, bari mu fara zuba maganar nan a takarda, mu sa hannu, sannan na taɓa kwamfuta."

Na fara da labaran masu amfani da shafin. Kowane labari jimla ɗaya ce da ke faɗin wane ne mutumin, me yake so, don me. Misali: "Ni mai saye ce daga Kaduna, ina so in biya da katina, don kada in tsaya turo hoton rasit ta WhatsApp." Yaron shago ma na rubuta masa nasa, domin shi zai riƙa saka sabbin kaya daga wayarsa.

Labari kaɗai ba ya raba gardama. Abin da ke raba ta shi ne sharuɗɗan karɓar aiki, wato abubuwan da za a gwada a ga sun yi ko ba su yi ba. A nan ne tambayoyi suka ɓullo. Atamfa turmi ake saya, yadi 6, shadda kuwa da yadi. To, ana yanka turmi? Ta ce a'a. Sai na rubuta cewa akwatin adadi na atamfa ba zai karɓi rabi ba, na shadda kuma ba zai karɓi ƙasa da yadi 2 ba.

Labarin biyan kuɗi ya fi cin lokaci. Netwok kan yanke bayan an cire wa mace kuɗi, kafin ta dawo shafin. Sharaɗin da na rubuta shi ne: oda ba za ta koma "An biya" ba sai Paystack, kamfanin da ke karɓar mana kuɗin kati, ya turo wa sabarmu, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai, saƙon `charge.success` mai nuna kuɗi sun shiga, kuma kuɗin ya yi daidai da na odar. Na ƙara da cewa Paystack da kwabo yake lissafi, don haka naira 25,000 za ta zo a matsayin `2500000`. Idan turmi ɗaya ya rage kuma mutum biyu suna nema, za a riƙe wa wadda ta fara shiga biya na minti 15, in ba ta biya ba ya koma kasuwa.

A ƙarshen takardar na ware sashen abin da ba ya cikin wannan aiki: manhajar waya, ɗaukar hoton kaya, da lissafin kuɗin aike zuwa ƙasashen waje. Da aiki ya yi nisa ta nemi a ƙara aike zuwa Yamai, sai muka buɗe sashen tare, muka rubuta masa sabon labari da kuɗinsa daban.

Ranar miƙa aiki yaron shagon ne ya riƙe waya yana gwada sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Guda biyu suka faɗi, na gyara su a makon, ta biya cikon kuɗina.