Yadda muka kai ƙarar soke takardar fili gaban kotu

Dattijon da ya kawo mini wannan shari'a tsohon ma'aikaci ne. Yana da fili mai takardar shaidar mallaka da sa hannun gwamna, ya kewaye shi da katanga yana jiran ya samu halin gini. Wata rana maƙwabci ya buga masa waya cewa an shafa jan fenti a katangar. Da ya je ofishin filaye na jihar, sai aka ce masa ai an soke takardarsa tuni, har an buga a jarida.

Abin da ya fara ce mini shi ne, "Barista, ina so ka nuna wa alƙali cewa wurin nan bai dace da wani aikin gwamnati ba." Na ce masa, "Baba, alƙali ba zai saurari wannan ba." A irin wannan ƙara kotu ba ta auna ko shawarar gwamnati mai kyau ce ko maras kyau, domin wannan hurumin masu mulki ne. Abin da take tambaya shi ne ko doka ta ba hukumar ikon yin abin da ta yi, ko ta bi hanyar da dokar ta shimfiɗa, da kuma ko an ba wanda abin ya shafa haƙƙinsa na a sanar da shi a ji ta bakinsa. Duk aikina ya koma neman inda aka kauce wa dokar.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon soke mallakar fili a sashe na 28, amma sai domin buƙatar jama'a da ta rinjayi ta mai filin, ko kuma idan mai filin ya saɓa sharuɗɗan takardarsa. Sashen ya ce jami'in da gwamna ya ba izini ne zai sa hannu, kuma dole a ba mai filin sanarwa. Mallakarsa ba ta faɗuwa sai ranar da sanarwar ta isa gare shi, ko wata rana a gaba da aka rubuta a cikinta. Sashe na 44 kuma ya lissafa yadda ake isar da ita: a miƙa masa hannu da hannu, ko a ajiye a gidan da aka san yana zaune, ko a aika da wasiƙa mai rajista. Liƙawa a jikin filin sai an bincika an rasa sunansa ko adireshinsa. Jarida ba ta cikin jerin. Dattijon nan kuwa adireshinsa na nan a fayil ɗinsa, domin a can ake aiko masa da takardar kuɗin ƙasa yana biya.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Dokokin Babbar Kotun jiharmu sun ba da wata uku kacal daga ranar da dalilin ƙara ya auku. Mutanenmu a nan suke faɗuwa: a je wurin mai unguwa, a nemi wani da ya san kwamishina, a rubuta takardar koke a zauna jiran amsa, kafin a tuna da kotu wa'adi ya wuce. Akwai hujjar da lauya zai iya kawowa cewa lissafi ya fara daga ranar da mutum ya sani, amma ban yarda in jingina filin bawan Allah a kan gardama ba. Na lissafa daga ranar da ke jikin sanarwar da aka buga a jarida, na shigar da takardu kafin wata ukun ya cika. Babbar Kotun jiha muka je, don sashe na 39 ita ya ba hurumin shari'ar filin da gwamna ya bayar.

Ƙarar mataki biyu ce. Da farko ana neman izinin kotu ba tare da ɗaya ɓangaren ba. Ana haɗa takardar bayani mai sunan mai ƙara da abin da yake nema da dalilansa, sai takardar rantsuwa da ke tabbatar da su. Mun maƙala mata kwafin takardar mallaka da rasit ɗin kuɗin ƙasa da hoton katangar da shafin jaridar. Takardar bayanin nan na fi ɓata wa lokaci, saboda dalilin da ba ka rubuta a ciki ba, ba za ka tashi da shi ranar sauraro ba sai kotu ta yarda ka gyara. Alƙali ya ga akwai abin dubawa kuma mai ƙara yana da ruwa da tsaki a maganar, ya ba da izini. Na roƙi izinin ya zama umarnin dakatar da komai a filin, shi ma ya amince. Wannan roƙo sai an yi shi, izinin shi kaɗai ba ya tsayar da katafila.

Duk da haka an rushe wani ɓangare na katangar kafin umarnin ya isa hannun jami'an gwamnati. Na tunatar da kotu hukuncin Kotun Ƙoli na 1986 a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu, inda ta ce gwamnati ba za ta ɗauki doka a hannunta ba alhali magana tana gaban alƙali. Daga nan ba wanda ya sake taɓa wurin.

Mataki na biyu shi ne sauraron ɓangarorin, kuma a kan takardu ake yinsa, ba a cika kiran shaidu ba. Lauyan gwamnati ya kawo tasu takardar rantsuwa da kwafin sanarwar soke filin. Na juya takardar gaba da baya. Babu sa hannun wanda ya karɓa, babu rasit ɗin gidan waya, wanda aka ce ya kai ta bai yi rantsuwa ba. A wurin dalili kuma layi ɗaya ne: domin amfanin jama'a. Makaranta ce, hanya ce, asibiti ne, ba a faɗa ba. Kotun Ƙoli ta riga ta nuna a shari'ar Osho ta 1991 cewa ya kamata sanarwa ta fayyace dalilin, don mai filin ya san abin da zai ƙalubalanta. Na tsaya a kan waɗannan biyun. Dattijon ya so in tayar da jita-jitar cewa wani attajiri za a ba wurin, amma ba mu da takarda ko ɗaya a kai, kuma zargin da ba shi da madogara yana rage wa sauran hujjoji ƙarfi.

Kotu ta soke sanarwar, ta bayyana cewa takardar mallakarsa tana nan da ranta. Kuɗin katanga kuwa ba mu samu ba. Mun ce ma'aikatansu ne suka rushe, su suka ce ba su ba ne, alƙali ya ce takardun rantsuwa biyu masu karo da juna ba za su warware wannan ba sai an kira shaidu. Wannan iyaka ce da nake faɗa wa duk mai zuwa wurina tun ranar farko: idan rigimar a kan wane ne ya aikata ko wane ne mai fili take, ƙara ta yau da kullum ta fi dacewa.

Da muka fito ya tambaye ni, "To Barista, shi ke nan ba za su sake dawowa ba?" Na gaya masa gaskiya cewa suna iya dawowa. Kotu ba ta ƙwace ikon gwamna ba, hanyar da aka bi ta rushe. Idan suka rubuta sabuwar sanarwa da dalili bayyananne suka miƙa masa, to sai maganar diyya a ƙarƙashin sashe na 29, wadda ake lissafawa a kan abin da ya gina ko ya shuka da kuɗin ƙasar shekarar, ba a kan farashin filin a kasuwa ba. Shi ya sa na sa aka ɗauki hoton ragowar katangar da rijiyar da ke ciki, mai ƙiyasta kadara ya rubuta rahoto, muka kai kwafin hukuncin mai hatimin kotu ofishin rajistar filaye aka saka a fayil ɗinsa.