Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Na Tsara Darasin "Babu Bashi"

A makon jiya na tsaya inda ajin dare da na buɗe wa 'yan kasuwar Rimi a Kano ya fara watsewa. Farkon 2023 ne, lokacin ƙarancin takardun naira, ciniki ya koma ta waya, mai awon hatsi yana riƙe da wayarsa yana neman wanda zai duba masa ko kuɗi sun shigo. Wannan ne ya kawo mini mutum 23 a daren farko. Kafin sati biyu saura tara.

Laifin nawa ne. Na ɗauko tsarin da nake bi da yaran firamare, na jera musu haruffa tun daga A, ina faɗa suna maimaitawa. Ranar Laraba da muka tashi, wani dattijo mai sayar da gero da dawa, wanda duk muke ce wa Baba, ya tsaya har kowa ya fita.

"Malam, ba raini ba," in ji shi, "kwana shida ke nan ina zuwa, amma har yau ban iya karanta ko kalma ɗaya a littafin bashina ba. Yaron shagona ne ke rubutawa, abin da ya ce mini shi ke nan."

Na ce, "Baba, ko za ka ara mini littafin zuwa gobe?"

Ya zaro shi daga aljihun 'yar ciki, ƙaramin littafi mai bango ja, gefensa ya yi baƙi saboda yawan juyawa. A daren na baje shi kan tabarma ina dubawa. Shafi bayan shafi, kalmomin ba su wuce goma sha biyu ba: bashi, buhu, kwano, gero, dawa, ya biya, saura, sai sunayen mutane da lambobi. Abin da wannan bawan Allah ke bukata ke nan, ni kuma ina ta yawo da shi a wani wuri.

Sai na zaɓi kalma ɗaya tak don darasin Asabar: bashi. Na zaɓe ta ne don kowa a ajin yana faɗinta sau da yawa a yini, kuma gaɓa biyu ce masu sauƙi, ba da shi, kowacce baƙi da wasali. Babu baƙi mai ƙugiya a cikinta, babu baƙin da ake ninkawa irin na babba. Waɗannan na ajiye su sai gaba. Daga gaɓar farko na fitar da ba, be, bi, bo, bu, daga ta biyu sha, she, shi, sho, shu. Na samo kwalin madara a wurin maƙwabcina mai kanti, na yanka shi gida-gida, na rubuta gaɓa ɗaya a kowane da maka baƙa, kowace gaɓa da kati fiye da ɗaya, harafi ya kai tsawon ɗan yatsa. Girman nan dole ne, don yawancin ɗalibaina sun haura arba'in, kusa ba ta ganuwa gare su sosai, ga hasken fitila mai caji. Mutum zai ce maka kansa ba ya ja, alhali idonsa ne ke neman tabarau.

Na zauna ina jujjuya katunan in ga me za a iya ginawa da su. Baba ya fito, babu ya fito, sha, bi, bushe. Da na ajiye ba da bu, na sake ajiye ba da shi a gefensu, sai na ga BABU BASHI. Na daɗe ina kallonsa, domin jimla ce da mai tebur zai liƙa a gaban hajarsa gobe da safe.

Abu na biyu da na gyara shi ne abin da na raina tun farko. Kusan duk mazan nan sun yi makarantar allo, sun wuce babbaƙu da farfaru. Sun san ba da wasali bisa ba ce, da wasali ƙasa bi ce, da rufu'a bu ce. Ashe hikimar haɗa baƙi da wasali tana kansu tun suna yara. Abin da ya rage in nuna musu biyu ne: a boko wasali yana zama ne a gefen baƙi, ba samansa ko ƙasansa ba, kuma ana farawa daga hagu. Na sa a tsarina cewa zan rubuta ba, bi, bu da ajami a sama, in rubuta na boko a ƙarƙashi, sannan kowa ya ɗiga ɗigo a kusurwar hagu ta shafinsa, ya san nan ce ƙofar shiga. In ka ga ɗalibi ya karanta shi-ba maimakon ba-shi, ba haruffan ya ɓata ba, daga dama ya taho.

Lokaci kuwa na raba shi bisa gajiyar mutane. Wanda ya yini tsaye tun safe ba zai iya awa biyu ba, don haka na tsayar da awa ɗaya da kwata bayan sallar isha'i. Minti goma na farko hira ce kan bashi, wa aka taɓa yi wa musu, yaya aka ƙare. Minti ashirin ga kalmar da gaɓoɓinta a allo. Minti ashirin a ba su katuna, mutum uku-uku, su gina kalmomi da kansu. Minti goma sha biyar rubutu da fensir a littafi, layi uku kawai, domin hannun da ya saba da kwano da igiya yana danne fensir har takarda ta huje. Sauran goman na bar wa lamba, in rubuta 5,000 da 50,000 a ƙidaya sifili, tunda nan ne ake cutarsu a saƙon banki. Na kuma yi wa kaina doka: ba zan kira dattijo gaban allo ba sai shi ya miƙe, don akwai yaran shagonsa a ajin.

Ranar Asabar mutum goma sha ɗaya suka zo. Da aka kai kan katuna, wani matashi mai tura baro ya ɗaga bu ya ce, "Malam, ina hu? Buhu nake so in haɗa." Na ce ya bari sai Litinin, na rubuta h a gefen takardata don shi ne darasi na gaba.

Baba kuwa ya jera ba da shi, amma da tazara a tsakani. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, yadda ka jera su ɗin nan, ba shi ka rubuta, wato a miƙa masa." Ya matsa su suka haɗu, na ce, "To, yanzu bashi ne." Ya raba su, ya sake haɗawa, har sau uku, leɓensa na motsi.

Daga nan ya miƙo hannu na mayar masa da jan littafinsa. Ya buɗe shafin farko, ya ɗora yatsa a kusurwar hagu, ya bi layi a hankali har ya tsaya kan wata kalma.

"Malam, wannan ita ce?"

Na duba na ce, "Ita ce, Baba."

Ya ci gaba da neman ta a shafi na biyu. Abin da ya gano a littafin nan da ya fara karanta lambobi, da yadda suka kwashe da yaron shagonsa, shi zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.