Garin da na nema kafin magariba

Jiya na kwana ina fama da manhajar zana hoto. Na rubuta mata "birnin Afirka na gobe da almuru", sai ta ba ni Dubai da rakumi a gefe. Haba!

Laifina ne, ban faɗi kayan gini ba. Na sake: benaye masu hawa 40 da siffar tubali, zankwaye a saman kowanne, zanen dagi yana haske ruwan zuma maimakon shuɗin nan mai kashe ido, ga ƙurar hunturu ta rage kaifin rana. A ƙasa kuma 'yan adaidaita masu lantarki, da hayaƙin mai tsire.

Ya fito kamar Kano ta shekara ɗari gaba. Rubutun allunan shaguna dai shirme ne, ba boko ba ajami ba.