Alhamdulillahi, fasfon Ummi ya fito

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, fasfon Najeriya na jaririyarmu Ummi da aka haifa a nan Ingila ya iso hannunmu kuma Babanta har ya tura takardun neman bizarta jiya da daddare. Wallahi na gaji, gajiyar da ko ta haihuwa ba ta kai ta ba, amma ba zan iya kwanciya ban yi muku godiya ba. Kun san yadda aka yi tun daga zuwanta bakwaini har zamanmu a asibiti, ba sai na maimaita ba.

Bari in fara da amsa tambayar da aka fi yi mini, saboda har yau ana turo mini saƙo wai ina Baturiya, wai ta huta ta samu fasfon Ingila a ɓagas. A'a jama'a. Ingila ba Amurka ba ce. Tun 1 ga Janairu 1983 suka daina ba jariri ƙasa don kawai an haife shi a nan, sai in uwa ko uba ɗan ƙasar ne ko kuma yana da takardar zaman dindindin a lokacin haihuwar. Mu kuwa bizar karatu ce ta kawo mu Leeds, shi yana digirinsa na uku ni ina biye da shi. To Ummi 'yar Najeriya ce tun ranar da ta faɗo duniya, sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a waje matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne to shi ma ɗan Najeriya ne, ba wata alfarma aka yi mana ba. Matsalar kawai ƙasar da ba ka da takardarta a hannu ba ta tsallakar da kai ko'ina, kuma mu lokaci ne ya ƙure mana.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Mun biya kuɗin lafiya na NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Ingila, tare da bizarmu, wannan kuɗin yana rufe jaririn da aka haifa a nan ne har ya cika wata 3 kawai, da sharaɗin bai fita daga ƙasar ba. Bayan nan sai an nema masa tasa bizar an biya masa nasa. Ganin likitan unguwa da sashen gaggawa kyauta ne ga kowa, amma kwanciya a asibiti da ganin ƙwararru kamar yadda ake duba numfashin Ummi, wannan ana iya cajin mutum kuɗin baƙo, wato ainihin kuɗin aikin da ƙarin rabinsa. Ga biza na jiran fasfo, fasfo na jiran NIN, ita kuma NIN na jiran takardar haihuwa, kowanne ya riƙe wuyan ɗan uwansa.

Rajistar haihuwa ba ta ba mu wuya ba, doka ta ba da kwana 42 a Ingila, Babanta ya je bayan suna ya karɓo doguwar takardar mai ɗauke da sunayen iyaye, don gajeriyar ba ta nuna waye uba wace ce uwa, alhali ta wannan layin ne za a tabbatar 'yar Najeriya ce. A wajen NIN aka samu cikas. Wanda ya yi mana rajistar, ba zan kama sunan wurin ba, ya juya sunayen, ya sa sunan mahaifi a gurbin nata, sannan ya rubuta Mohammed alhali Muhammad ne a takardar haihuwa da fasfon ubanta. Ba mu gani ba sai da aka zo cike fom ɗin fasfo a intanet, aka sa lambar sai ga sunan wata yarinya daban ya fito.

A daren nan na yi kukan da ban yi ba ko a asibiti. Na kira Maman 'Yan Biyu ban ma iya magana ba, ta ce ke Maman Ummi ajiye wayar gani nan. Baiwar Allahn nan ta taso daga aiki ko gida ba ta je ba, ta hawo bas cikin sanyin nan, ta shigo da wata tsohuwar jaka cike da takardun 'ya'yanta, ta zauna a ƙasa ta baje su a kan darduma. Ta fara karɓar Ummi ta goya ta, ta ce in je in wanke fuska in ci abinci tukuna. Sannan ta ce wa Babanta, Malam kar ka biya ko kwabo a kan wannan fom ɗin, fasfo abin da ke cikin NIN yake kwafa, in ya fito da sunan da ya saɓa wa takardar haihuwa za ku sake cin karo da shi a wajen biza. Kuma kar wanda ya ba ku shawarar taɓa takardar haihuwar, ita ce tushe kuma ita ce daidai, NIN ɗin za a gyara. Ta sa muka jera takardar haihuwa da shafin fasfonsa da nawa muna bin sunan harafi harafi, ta nuna masa yadda ta rubuta tata takardar amincewar iyaye. Ba ta tafi ba sai bayan asuba. Na san ba kya son a faɗa Yaya, ki yi haƙuri, na faɗa. Allah ya raya miki 'yan biyunki, ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ki gama da duniya lafiya, yadda kika rufa mana asiri Allah ya rufa miki duniya da lahira.

Malam Liman da jama'ar masallaci da suka haɗa mana kuɗin jirgin ƙasa zuwa Landan, don dole a je da jaririn a ɗauki hotonsa na fasfo ko da kwanansa nawa, Allah ya saka da alheri ya ninka muku. Baban Hanan da ya yi ta kiran waya har gyaran ya fito, Allah ya biya. Akwai wata mata 'yar Inyamurai da muka haɗu a layi, ashe a Sabon Garin Kano ta tashi, da ta ji ina rarrashin Ummi da Hausa sai ta bar mini kujerarta ta riƙe mini jaka har muka gama, ko sunanta ban samu ba, Allah ya san ta. Ma'aikaciyar jinyar da ta fara gaya mini maganar wata 3 ɗin nan tun muna kwance, ita ma na gode mata. Innata a Zariya da ba ta san mene ne NIN ba amma ba ta fasa tashin dare ba, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana Inna.

Akwai kuma waɗanda muka sa ran jin muryarsu ba mu ji ba, na jini ma kuwa, sai da hoton fasfo ya fita sannan aka tuna da lambarmu ana tambayar yaushe za mu zo. Ba komai, Allah ya bar zumunci.

Masu cewa mu kawo ta gida a gan ta, ku ƙara haƙuri. Da mun ga dama akwai takardar tafiyar gaggawa da ofishin jakadanci ke bayarwa, amma ta zuwa ce kawai ba dawowa, kuma in ta fita ba biza sai an nema mata daga Najeriya kafin ta sake shigowa, ga likitocinta a nan. Fasfon na shekara 5 ne, in bizar ta fito likita kuma ya yarda ta hau jirgi za ku gan mu in sha Allahu. A ci gaba da sa ta a addu'a, ranar Talata za a sake duba ƙirjinta.